Littafin shirin ritaya: daga jika 225 zuwa jika 85

9 ga Janairu, 2022

Na buɗe wannan littafi ne domin shekara goma cif suka rage mini a aikin gwamnati, idan Allah ya ba da rai, tunda takarduna sun nuna an haife ni a 1972, shekarun barin aiki kuma 60 ne. Na fara koyarwa a shekarar 2000 a matsayin malamin kwantiragi a wani ƙauye na yankin Dakoro, ban samu lambar aiki ba sai 2008, kuma yau ina koyarwa a cikin garin Maradi. A lissafin fansho daga 2008 nake ƙirgawa, domin daga nan ne aka fara cire mini kuɗin ritaya a kowane wata, wanda ke nufin shekara 24 za a samu a 2032.

Jiya na zauna da takardar albashina na karanta ta layi bayan layi, abin da ban taɓa yi ba a tsawon shekarun nan, domin a kullum adadin da ke ƙasa kawai nake dubawa. Tushen albashi jika 180 ne, wato sefa dubu 180, alawus iri-iri sun kai jika 70, ana cire kimanin jika 25, abin da ke shigowa hannu jika 225. Abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya gane tun da wuri shi ne cewa a kan tushen albashi ake lissafa fansho, alawus kuwa ranar da mutum ya bar aiki suke barinsa. Na je wurin wani dattijo da ya riƙe makarantarmu kafin ya yi ritaya, ya ɗauko takardarsa ta CARENI, wato asusun da ke biyan fanshon ma'aikatan gwamnati, ya nuna mini cewa bayan shekara 33 yana karɓar kusan kashi biyu cikin uku na tushen albashinsa na ƙarshe. Da na auna shekaruna 24 da nasa, sai na ga abin da zan sa rai bai kai rabin tushen albashina ba, don haka na rubuta jika 85.

Yanzu haka gidana yana cinye jika 225 ɗin nan kaf. Banki yana ɗaukar 40 na bashin da na ci na sayi fili, haya 35, abinci 80, karatun yara 25, wuta da ruwa 15, man babur 12, sauran 18 kuma magani da biki da ƴan uwa. Tsakanin 225 da 85 akwai tazarar jika 140, kuma ba na son in faɗa cikinta a wata guda kamar yadda na ga ta faru da wasu magabatana, waɗanda wata uku bayan walimar ban kwana suka fara sayar da babur da kayan ɗaki. Shawarar da na yanke ita ce in raba tazarar gida goma. Kowane watan Janairu, abin da gida ke ci daga albashi zai sauka da jika 14, ko dai ta hanyar kashe wata ɗawainiya gaba ɗaya, ko ta samun wani kuɗi daga wajen albashi da zai toshe gurbin. A 2023 ya zama 211, a 2024 ya zama 197, haka har ya kai 85. Bashin banki da haya kaɗai, idan suka kau, sun ɗauke 75 daga cikin 140 ɗin. Sauran 65 ɗin ne aikin yake.

20 ga Maris, 2022

Dattijon nan ya ce mini in bar maganar kuɗi tukuna in fara da takardu, domin abin da ya fi jinkirta fanshon farko shi ne dosiye mai giɓi, kuma gyaran da mutum zai yi cikin sauƙi yana bakin aiki, da ƙyar yake yinsa bayan ya sauka. Na sauko da akwatin ƙarfen da na ajiye a kan kwaba tun dawowata daga Dakoro. Gara ta samu hanya ta gefen murfi ta cinye kusurwar wata ambulan, amma Allah ya sa takardun da ke ciki na taron ƙara wa juna sani ne. Na shimfiɗa tabarma na jera komai bisa shekara: takardar haihuwa, takardar ɗauka aiki, takardar kama aiki, takardar tabbatarwa, sannan takardun ƙarin matsayi da na canjin wurin aiki.

Abu uku suka fito. Na farko, sunan mahaifina a takardar haihuwa Mahaman ne, a takardar ɗauka aiki kuma an rubuta Mahamane. Harafi ɗaya ne, shekara 14 ina karɓar albashi da shi ba wanda ya ce uffan, amma mai duba dosiyen fansho yana da ikon ya ce mutum biyu ne. Na biyu, ƙarin matsayin da ya kamata in samu a 2020 babu takardarsa, kuma da na gwada da takardar albashi sai na ga har yanzu a tsohon mataki ake biyana. Wannan ya fi na farko nauyi, domin matakin da mutum ya sauka a kansa shi ne fanshonsa har ƙarshen rayuwa, kuma mataki ɗaya da ya maƙale yana jinkirta duk waɗanda ke bayansa. Na uku, aurenmu a masallaci aka ɗaura shi a 2001, ba mu taɓa yin takardarsa ba.

Da na gaya wa uwargida na ukun, dariya ta yi. Ta ce, "Malam, ƴaƴa shida ba su isa shaida ba?" Na ce mata sun isa a unguwa, amma ranar da ba ni, rabon da doka ta ba matar ma'aikaci da marayunsa daga fansho da takarda ake karɓarsa, kuma ba na son ta riƙa yawon neman shaidu tana cikin takaba. Ba ta sake cewa komai ba, washegari ita ce ta tuna mini sunayen mutum biyu da suka halarci ɗaurin auren kuma suke da rai.

13 ga Nuwamba, 2022

Takardar aure ta fito tun watan Mayu, ta hanyar kotu da shaidu biyu, kuma gyaran suna ya biyo baya a Yuli. Ƙarin matsayin ne ya sha ni, domin sau biyu aka ce dosiyen bai iso ba, sai da na hau mota na yi tafiyar Yamai, kilomita fiye da 600, da kwafin kowace takarda a hannuna. Darasin da na ɗauka shi ne kada a taɓa miƙa takarda ta asali, kuma duk abin da aka miƙa a nemi a rubuta lamba da rana a kan kwafin da ya rage a hannu. A albashin Oktoba an ƙara mini jika 8, aka kuma biya bashin wata 24, jika 192. Na ƙudurta cewa ƙarin jika 8 ɗin ba zai shiga tukunya ba, kuma ba zan canza adadin 85 ba, domin gara fanshon ya zo ya fi abin da na zata.

Kuɗin da aka biya na baya su suka ba ni damar taka matakin farko. Gidana yana cin kimanin buhu goma na gero a shekara, kuma a da tiya-tiya muke saye, mafi yawa a lokacin da ya fi tsada. A makon jiya na je kasuwar ƙauye da wani ƙanena na sayi buhu goma a kan jika 23 kowane, uwargida ta cika jika 38 daga adashinta. Idan na kwatanta da abin da muka kashe bara, wanda ya kama kamar jika 30 a buhu, ragin jika 70 ne a shekara, wato kusan 6 a wata. Sharaɗin wannan tsari shi ne a riƙa ware jika 19 kowane wata domin geron kaka mai zuwa, in ba haka ba an ci riba sau ɗaya ne kawai. Na rage yawo da babur, na kuma yanka wa biki iyaka. Duk da haka 214 na iya kaiwa, ba 211 ba.

16 ga Yuli, 2023

Wannan rubutu na asara ne, kuma zan yi shi dalla-dalla domin kada in yaudari kaina nan gaba. A ƙarshen Maris na sayi raguna uku a kan jika 55 kowane da niyyar in yi kiwonsu zuwa Layya. Jika 70 daga ajiyata suka fito, sauran 95 kuwa kuɗin gero ne na wata biyar da na ce ba zan taɓa ba. Na ce wa kaina aro ne na wata uku.

Kuskuren farko shi ne lokacin sayen abinci. Wanda ya san kiwo tun kaka yake tara harawa da ƙaiƙayi da karan dawa, lokacin da suke arha, ni kuwa a tsakiyar rani na shiga kasuwa ina sayen harawa dami-dami da dusa tiya-tiya. Cikin kwana kusan 95, abinci da kanwa da allura da maganin tsutsa sun ci jika 78. Kuskure na biyu gaggawa ce. Da na ga ɗaya daga cikinsu bai cika ido ba, sai na sa yara suka ninka masa dusa a rana guda, alhali dabba a hankali ake ƙara mata irin wannan abinci, tare da isasshiyar ciyawa da ruwa. Da asuba na tarar da shi a tsaye ya buɗe ƙafafu, gefen cikinsa na hagu ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ya daina tuƙa, numfashi yana fita da ƙyar. Kafin ma'aikacin dabbobi ya iso ya kwanta, dole muka yanka, mahauci ya ba da jika 30. Sauran biyun na sayar a jajibirin salla, ɗaya 95 ɗaya 90, kuma dillalai suna ta kukan cewa masu saye daga Najeriya ba su zo kamar yadda suka saba ba saboda naira ta faɗi a watan Yuni. Abin da na kashe 243, abin da ya dawo 215. Asarar jika 28 ke nan, ban da wahalar yara da tawa.

Na mayar da 95 ɗin gero wurinsu a ranar, na ajiye sauran 120. Ban ce kiwo ba shi da riba ba, maƙwabcina ya samu, amma shi yana gida da rana, kuma rumbunsa cike yake da harawa tun Nuwamba. Sana'ar da ke bukatar ido safe da yamma ba ta dace da mutumin da ke cikin aji daga ƙarfe takwas ba.

Wani abin da ya faru a bana shi ne ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 62. A ɗakin malamai wasu sun yi murna kamar an raba kuɗi. A wurina ma alheri ne, domin shekara biyu na ƙarin albashi ne, kuma shekarun fanshona za su zama 26. Amma ban taɓa jadawalin ba. Abin da doka ta ƙara doka tana iya ragewa, lafiya kuma ba ta da alkawari da kowa, saboda haka 2032 tana nan a matsayin shekarar da gidana zai iya rayuwa da jika 85 daga albashi.

7 ga Janairu, 2024

Bashin banki ya ƙare a Disamba. A takarda ya kamata abin da muke ci ya sauka daga 214 zuwa 174, amma 192 na samu da na haɗa lissafin wata uku na ƙarshe. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin da ya biyo baya, iyaka a rufe take, kuma garin da kasuwarsa ke numfashi ta hanyar Dan Isa da Jibiya ba ya bukatar a gaya masa abin da hakan ke nufi. Shinkafa da mai da sabulu da magani duk sun hau. Geron da na saya a kaka shi ne ya rufa mana asiri. Ina gaban jadawali da jika 5, tunda 197 ake nema, amma da jika 23 ya kamata in kasance a gaba, kuma wannan ya nuna mini raunin lissafina na farko: na ɗauka farashi zai tsaya yana jirana. Fansho ba ya bin kasuwa, saboda haka jika 85 na 2032 ba za su sayi abin da suke saye yau ba.

Tun kafin bashin ya ƙare aka fara yi mini tayin sabo, mai girma, wanda za a biya cikin shekara bakwai, in gina gidan gaba ɗaya in huta. Na yi kwana uku ina juya maganar, domin haya tana ci mini rai. Abin da ya hana ni shi ne cewa sabon bashin zai mayar da jika 60 ko fiye cikin abin da ake cirewa har 2031, wato in isa bakin ritaya ban taɓa gwada zama da ƙaramin kuɗi ba, ba ni kuma da ajiya ko ta wata ɗaya. Na zaɓi hanyar tafiyar hawainiya. Daga jika 233 da ke shigowa, 41 suke saura. Jika 25 za su tafi gini, 16 kuma asusun da na kira na tazara, wanda aikinsa shi ne ya riƙe gida tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko. Duk tsofaffin da na tambaya sun ce watanni ne, ba makonni ba, kuma na sa wa asusun burin jika 800, abin da zai ɗauke mu wata shida.

8 ga Satumba, 2024

Ruwan da aka yi a ƙarshen Agusta ba sai na ba mutumin Maradi labarinsa ba. Gidaje da yawa sun rushe, an yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gidan da muke haya bai faɗi ba, amma a filina katangar laka da na zagaye shi da ita ta kwanta ta gefen gabas da kudu, tubalin laka kusan 600 da na tara domin ɗakuna suka narke suka koma tudu. Na tsaya a wurin da safe, ruwa har idon sawu, ina kallon ƙofar langa-langa a tsaye ita kaɗai ba bango a kowane gefenta.

Laifin ba na ruwa ba ne shi kaɗai. Filin yana ƙasa da hanya da kusan kamu biyu, kuma maginin ya faɗa mini tun farko cewa a fara cikowa, a yi tushe da dutse da siminti ya ɗago sama da ƙasa kafin a ɗora laka, ni ne na ce tsada. Na ɗebi jika 120 daga asusun tazara domin ciko da sabon tushe, wanda ya bar shi kusan fanko. Da farko na ji kamar na karya dokar da na kafa, daga baya na ga cewa da babu asusun, wurin mai ba da bashi zan nufa. Na kuma canza tsarin ginin. Ba zan jira gida cikakke ba: ɗaki biyu da zaure da makewayi, tushe da layi huɗu na farko da bulo na siminti, sama da laka, a yi rufi mu tare. Ranar da muka tare, jika 35 na haya za su koma ginin sauran ɗakunan.

22 ga Yuni, 2025

Ragin farashin siminti da gwamnati ta yi bayan ambaliyar ya taimaka, tushe ya kammala, bango ya kai taga. Matakin Janairun bana kuwa ban taka shi ba, 190 muka tsaya maimakon 183.

Gwaji na biyu na neman kuɗi daga wajen albashi shi ne ajiyar wake, wanda na zaɓa domin ba ya cin abinci, ba ya kuma bukatar a duba shi da rana. Dokar aiki ba ta yarda ma'aikaci ya zama ɗan kasuwa ba, don haka saye da sayarwa a hannun uwargida suke, ni nawa jari da lissafi. A Nuwamba mun sayi buhu shida a kan jika 28, da 120 ɗin da suka rage daga raguna da 48 nata. Mun zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aikinsa shi ne ya hana iska shiga har ƙwarin da ke cikin waken su ƙare iskar da ta rage su mutu, ba tare da an sa magani ba. Sharuɗɗansa kaɗan ne amma ba a yi musu ragi. Waken ya bushe sarai, a fitar da tsakuwa da itace, a gwada kowace leda a tabbatar ba ta da huji, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban, a ɗora a kan katako nesa da bango, kuma kada a buɗe sai ranar sayarwa.

Biyar sun fito kamar ranar da aka zuba su, aka sayar a kan jika 39. Na shida ɓera ya huda shi ta ƙasa inda ba ma gani. Alamun suna nan da mun duba: buhun ya saki bai yi tauri kamar sauran ba, akwai ɗan gari a kan katakon, kuma da na sa hannu ciki na ji ɗumi, waken duk ya yi ƙofofi. Jika 18 aka ba mu. Jimillar abin da ya shigo 213, abin da ya fita 178 idan an haɗa kuɗin buhuna da na amalanke. Riba jika 35 cikin wata bakwai.

Riba ce, amma da na raba ta wata 12 sai na ga jika 3 ne a wata, ni kuwa kimanin 50 nake nema daga wajen fansho. Domin wake ya ba ni jika 600 a shekara sai na ajiye buhu kusan 100, jarin da ya doshi miliyan 3, da ɗakin ajiya, da shekarar da farashi bai ƙi tashi ba. Na koma wurin dattijon nan da wannan lissafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, shekara 25 kana koyar da lissafi, amma kana neman abincin tsufanka a wurin rago da wake. Waɗanda ka tarar a kasuwa tun suna yara suke can." Na ce, "Baba, to alli zan ci?" Ya ce shi ma da alli yake cika tukunyarsa, domin safiya uku a mako yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, da yamma kuma yara masu shirin jarrabawa suna zuwa zaurensa.

19 ga Oktoba, 2025

An yi mini tayin shugabancin wata makaranta a can arewacin jiha, da alawus na muƙami. Da a shekarun baya ne da ban tsaya tunani ba. Na lissafa sai na ga alawus ɗin ba ya shiga fansho, gida biyu zan riƙe, ginin zai tsaya ba mai duba shi, kuma bakina zai saba da kuɗin da za a ɗauke ranar da na sauka. Na ba da haƙuri cikin ladabi. Abin da ke ƙara fansho shi ne mataki, don haka na rubuta shekarun da kowane ƙarin matsayi zai faɗo a bangon farko na wannan littafi, kuma duk wanda ya wuce wata shida bai bayyana a takardar albashi ba zan bi sawunsa.

A makaranta na fara sakin wasu ayyuka da na riƙe shekara da shekaru. Jadawalin darussa da lissafin sakamakon jarrabawa, waɗanda kowa ya saba cewa nawa ne, bana tare da wani matashin malami muka yi su, baɗi shi zai yi ni in duba. Ban zaci abin zai yi mini nauyi ba sai ranar da wani ya shigo da tambaya ya wuce ni ya nufi teburinsa. A hutun damina kuma na gwada darasin share fage ga yara takwas na unguwa, ba da kuɗi ba, domin in ga ko iyaye za su turo su, ko kuma ni zan iya jure koyarwa a kan tabarma. Sun zo har ƙarshe, biyu ma suka kawo ƙannensu. Na sa magini ya faɗaɗa zauren da kamu huɗu, ya buɗe masa taga biyu ta arewa.

11 ga Janairu, 2026

Shekara huɗu da buɗe littafin. Jadawali yana neman 169, muna kan 181, wato ina baya da kusan mataki ɗaya. Babbar ɗiyata ta gama karatu, abin da ya rage jika 7, sauran 2 daga wake suka zo, amma kuɗin magani ya ƙaru tunda aka ce jinina yana hawa, kuma wannan layi ne da ban sa ran zai sake sauka ba. Asusun tazara ya koma jika 290 daga cikin 800. Takardu sun cika, kwafi uku na kowace, ɗaya a gida cikin leda a akwatin da na sa wa sabon murfi, ɗaya wurin ƙanena, ɗaya a hoto cikin waya.

Ginin ya kai rufi. Kwano da katako da ƙofofi za su ci kimanin jika 520 bisa lissafin kafinta, abin da ke hannu na gini 180 ne. Idan na bi jika 25 a wata, sai bayan daminar bana ta wuce za a rufa, bangon laka kuma ba zai jure damina ko ɗaya a buɗe ba, na riga na ga yadda hakan ke ƙarewa. Mun zauna da uwargida muka amince cewa daga wannan wata har Mayu duk abin da ya saura daga albashi, jika 52, gini zai tafi, asusun tazara ya dakata, wanda zai kawo 260. Sauran 80 za su fito daga waken bana, buhu bakwai, wanda za mu sayar a Afrilu ko da farashin bai kai ƙololuwa ba. Idan an rufa kafin ruwan farko, za mu sanar da mai gidan haya a watan Yuni mu tashi a Yuli, abin da zai saukar da mu daga 181 zuwa 146, ƙasa da 155 da ake nema a 2027. Gobe bayan an tashi daga makaranta zan je wurin mai kwano in ji ko zai karɓi rabi yanzu ya ajiye mini bandir ɗin a farashin yau.